Kafin a kwashe sabar ofis zuwa gajimare, a fara auna nisa

A ofisoshin 'yan kasuwa da yawa akwai wata kwamfuta da ba mai zama a gabanta. Tana can a wani ɗan ɗaki bayan ofishin akanta, fankarta na gurnani dare da rana, ba a tunawa da ita sai ranar da ta ƙi tashi. Ita ce uwar garke, wadda masu gyara ke kira saba. A cikinta takardun ofis suke: wasiƙu, rasidai, jadawalin albashi, hotunan takardun kwastan. A cikinta kuma littafin kuɗin kamfani yake, wato fayil ɗin manhajar lissafi da akanta da kashiya ke shiga kullum. Idan ta tsufa, ga zafin Afrilu, ga ƙurar hunturu, ga wutar da ake ɗaukewa ana kawowa, sai wani ya ba mai kamfani shawarar a mayar da ita gajimare. Abin da ake nufi shi ne a yi hayar kwamfuta a ɗaya daga cikin manyan ɗakunan ajiyar bayanai na kamfanoni irin su Microsoft da Amazon da Google, a riƙa isa gare ta ta intanet.

Hanya mafi sauri ta yin wannan ƙaura ita ce a ɗauki sabar yadda take, da manhajojinta da foldodinta da sunayen masu shiga, a dire ta can ba tare da an sauya mata tsari ba. Akwai kayan aikin da aka yi don haka. Azure Migrate na Microsoft da Application Migration Service na Amazon suna kwafe faifan tsohuwar na'ura a hankali alhali tana aiki, su ci gaba da bin duk abin da ya sauya har ranar da za a juya. Wannan ɓangaren ba shi da wuya sosai. Wahalar tana wani wuri: an gina manhajar lissafin ne bisa zaton cewa tsakaninta da fayil ɗinta waya ce mai tsawon mita 20, yanzu kuma za a sa dubban kilomita a tsakaninsu. Duk shirin da bai fara da wannan ba zai yi kyau a takarda, ya watse ranar Litinin da safe.

Mu ɗauki misalin wani dilan kayan gini a Kano mai ma'aikatan ofis 12. Sabarsa tana ɗauke da Windows Server 2016, wanda Microsoft za ta daina yi wa gyaran tsaro a watan Janairun 2027, kamar yadda ta riga ta yi wa Windows Server 2012 R2 a watan Oktoban 2023. Fayilolin da ke kanta sun kai gigabait 400. Mutum 4 ne ke shiga QuickBooks Desktop lokaci guda: akanta, mataimakinsa, kashiya da mai kula da sito. Sauran 8 ɗin wasiƙu da jadawalin Excel kawai suke buɗewa daga foldar da kwamfutocinsu ke nunawa da harafin `Z:`. Layin intanet ɗin ofis yana sauko da megabit 20 a daƙiƙa, yana ɗora megabit 10.

Abin da nisa ke yi wa littafin kuɗi

Mai buɗe wasiƙa tambaya ɗaya yake yi wa saba: ba ni wannan fayil. A ba shi, ya karanta. Manhajar lissafi ba haka take ba. Idan akanta ya nemi jerin waɗanda ake bi bashi, manhajar da ke kwamfutarsa za ta yi ta jefa wa saba ƙananan tambayoyi, kuma sau da yawa ba ta aika ta gaba sai amsar ta baya ta dawo. Kamar a ce littafin yana wani gari ne, akanta kuma yana tura ɗan aike ya karanto masa layi ɗaya ya dawo, sannan ya sake tura shi. Faɗin titi ba ya rage wa ɗan aiken nan tafiya. Shi ya sa ƙara kuɗin data ko sayen layi mai megabit 100 ba ya magance wannan ciwon.

Ana auna zuwa da dawowar nan da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. A cikin ofis ba ya kaiwa milisakan 1. Daga arewacin Najeriya zuwa ɗakin ajiya a Turai ko Afirka ta Kudu kuwa, ya saba wuce 100. A ce wani rahoto yana bukatar zuwa da dawowa 3,000. A ofis daƙiƙa 3 ke nan. Idan jinkirin ya zama milisakan 120, lissafin ya koma daƙiƙa 360, minti 6 cur, kuma kwastoma yana tsaye a gaban kashiya. Jiran ma da sauƙi. Abin tsoro shi ne layi ya tsinke a daidai lokacin da manhajar ke rubutu a cikin fayil, a bar shi da rabin shigarwa. A QuickBooks alamun su ne saƙon `H202`, mai nuna cewa kwamfutar ma'aikaci ta kasa cin ma saba, da fitar da mutum daga fayil ba zato, daga baya kuma binciken `Verify Data` ya nuna lafiyar fayil ɗin ta taɓu. Kamfanin da ya yi manhajar ma ba ya goyon bayan a buɗe fayil ɗinta daga nesa ta wannan hanya. Masu aiki da Sage 50, wanda tsofaffin akantoci ke ci gaba da kira Peachtree, su ma wannan matsalar ce ke jiransu.

Maganin shi ne kada a raba manhaja da fayil ɗinta. A ɗora su duka biyun a kan sabar gajimare, mutum huɗun nan su riƙa shiga ta Remote Desktop. A wannan tsari duk tambayoyin nan dubu uku suna faruwa ne a can, cikin na'ura ɗaya. Abin da ke ratso teku hoton allo ne kawai, abin da ke komawa kuma danna maɓalli ne da motsin linzami. Idan layi ya tsinke, allo ne zai daskare. Aikin yana nan a buɗe, da layi ya dawo akanta zai tarar da rasidinsa inda ya bar shi. Kowane mutum megabit 1 zuwa 2 ya ishe shi.

Wannan yana nufin ƙaurar ba za ta zama ɗauka a dire zalla ba, kuma gara a gaya wa mai kamfani haka tun ranar farko. Windows Server yana barin mutum biyu kawai su shiga daga nesa ba da ƙarin lasisi ba, su ma don kula da na'urar ne, ba don aikin yau da kullum ba. Don mutum huɗu sai an kunna Remote Desktop Services an kuma saya wa kowa lasisinsa. Akwai rangwamen kwana 120 kafin a nemi lasisin, kuma nan ne tarkon yake: mai gyara ya kammala, an biya shi, komai na tafiya, bayan wata huɗu a wayi gari ba wanda ke iya shiga. Ƙwaƙwalwar na'urar ma sai an ƙara. Tsohuwar sabar da gigabait 8 ya ishe ta saboda fayil kawai take miƙawa, yanzu za ta ɗauki teburin mutum huɗu, don haka 16 ne wurin farawa.

Su kuma mutum takwas masu wasiƙu da Excel, za su ci gaba da ganin `Z:` ɗinsu ta cikin VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya mai kulle tsakanin ofis da gajimare. Za su ji bambanci. Folda mai fayil dubu za ta ɗan yi nawa kafin ta buɗe, fayil mai megabait 50 kuma zai ci kamar daƙiƙa 20 kafin ya sauko. Ana iya zama da wannan. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a buɗe ƙofar Remote Desktop, mai lamba 3389, ko ta fayiloli, mai lamba 445, kai tsaye ga intanet don a huta da VPN. Masu kulle wa mutane bayanai su nemi kuɗin fansa suna bin waɗannan ƙofofin ne ɗaya bayan ɗaya, ba dare ba rana.

Ina za a dire ta?

Microsoft ta buɗe ɗakunanta a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon ta buɗe nata a Cape Town a 2020, Google kuma a Johannesburg a 2024. Amazon tana da ƙaramin reshe a Legas tun 2023, ban da kamfanonin cikin gida masu ba da hayar saba a Legas da Abuja. Taswira ba ta yanke hukunci a nan. Bayanai suna bin wayoyin ƙarƙashin teku ne da yarjejeniyar da kamfanin layinka ya ƙulla, don haka yana yiwuwa Landan ta fi Johannesburg kusa da teburin akantanka. Hanyar sani ɗaya ce: a kunna ƙaramar na'urar gwaji a kowane wuri da ake tunani, a haɗa ta da ofis, a auna.

```
ping 10.20.0.4 -n 200
```

A ƙarshen sakamakon a duba `Average` da `Maximum` da `Lost`. A yi awon da ƙarfe 11 na safe da ƙarfe 3 na yamma a ranar da kasuwa ke ci, ba da tsakar dare ba. Ƙasa da milisakan 150, Remote Desktop yana tafiya lami lafiya. Da ya haura 200, mai rubutu zai fara ganin haruffa suna biyo yatsunsa a baya. Saƙonnin da ke ɓacewa a hanya sun fi jinkiri ɓata rai, don ko biyu cikin ɗari sun isa su sa allo ya riƙa daskarewa.

Zaɓen wuri yana da ɓangaren doka. Jadawalin albashi yana ɗauke da sunayen ma'aikata da lambobin asusunsu na banki, littafin kuɗi kuma yana ɗauke da na kwastomomi. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da irin waɗannan bayanai waje, kuma alhakin yana wuyan kamfanin da ya tattara su. A nuna wa lauyan kamfani kafin a zaɓa.

Daga ranar da aka ƙaura, layin intanet ya zama jijiyar ofis. A ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin teku da dama suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a Najeriya da maƙwabtanta na kwanaki, har bankuna suka ji a jikinsu. Ofis mai saba a ɗakin baya ya ci gaba da yanka rasidi a ranar. Ba sai an kai ga teku ba ma, mai haƙar kwata a bakin titi ya isa ya tsinke waya. Don haka layi na biyu daga wani kamfani daban yana cikin kuɗin ƙaura, haka ma inbata ga na'urar da ke rarraba intanet, da littafin rasidi na takarda a aljihun teburin kashiya. Gajimare ya raba saba da matsalar wuta, amma bai raba ofis da ita ba.

Dare nawa, dala nawa

Gigabait 400 daidai yake da megabit miliyan 3.2. A layi mai ɗora 10 a daƙiƙa, awa 89 ke nan idan layin ya ba da duk abin da aka yi alkawari, abin da ba ya faruwa. Idan ya ba da kashi 70 cikin 100, lissafin ya kai awa 127. Da rana ba za a sake wa kwafin layi duka ba, don ma'aikata na bukatarsa. Idan da dare kawai za a yi, awa 10 kowane dare, an doshi dare 13, kuma kowane dare sai saba ta kwana da wuta. Wa zai kwana da janareto? Irin wannan tambayar ce ba ta shiga takardar farashi.

Shi ya sa ake fara shara. A kowace tsohuwar saba za a tarar da bidiyon bikin wani, da foldar ma'aikacin da ya bar aiki tun tuni, da kwafin ajiya na kwafin ajiya. A ce an kwashe gigabait 150 zuwa faifan waje an kulle a sef. Saura 250, wato kimanin awa 79, dare 8. Sai dai sharar ba ta taɓa takardun kuɗi: dokar kamfanoni ta ce a adana su shekara 6, kuma akanta ne zai nuna abin da za a taɓa, ba mai gyara ba.

Kuɗin haya kuwa da awa ake lissafa shi. Wata yana da kimanin awa 730. Ofis mai buɗewa daga 8 zuwa 6, Litinin zuwa Asabar, awa 260 kawai yake aiki, don haka kashe na'urar da dare yana rage kuɗi sosai. Amma a Azure, kashe ta daga cikin Windows ba ya tsayar da mita. Sai shafin kula da ita ya nuna `Stopped (deallocated)`. Ko a lokacin, kuɗin faifai da na kwafin ajiya da na ƙofar VPN suna ci gaba da hawa. Shigar da bayanai kyauta ne, fitar da su kuwa akwai kuɗi bayan an wuce wani adadi a wata. Babban abin lura ga ɗan kasuwar Najeriya shi ne manyan kamfanonin nan da dala suke yanka farashi. Hayar da ta kai, a misali, dala 300 a wata, naira 138,000 ce a farkon 2023 lokacin da canjin hukuma yake wajen 460. A 2024, da dala ta haura 1,500, kuɗin ya zama 450,000, alhali ba a ƙara ko fayil ɗaya ba. A ganina, ofishin da kowa ke zaune a gini ɗaya, ba reshe, ba mai aiki daga gida, ya kamata ya ajiye wannan lissafin gefe da gefe da kuɗin sabuwar saba da batir da sola kafin ya sa hannu. Inda gajimare ke cin kuɗinsa shi ne kamfani mai sito a Kaduna da shago a Katsina, duk suna son littafi ɗaya.

Wani abu kuma da ake raina shi: da sunan wa aka buɗe asusun? Sau da yawa mai gyara ne ke buɗewa da adireshin imel ɗinsa da katinsa, don a yi sauri. Ranar da aka ɓata da shi, littafin kuɗin kamfani yana hannunsa. Asusu na kamfani ne, mabuɗin farko yana wurin mai kamfani tare da lambar tabbatarwa da ke zuwa wayarsa, mai gyara kuma a ba shi nasa mabuɗin da za a iya karɓewa.

Gwaji da ranar juyawa

Da kwafin farko ya kammala, kayan aikin ƙaura suna ba da damar tayar da sabar gwaji daga kwafin, tsohuwar na nan tana aikinta. A killace ta, a sa mata hoton allo mai ja don kada wani ya shigar da cinikin gaske a ciki. A nan ne ɓoyayyun igiyoyi ke fitowa. Lasisin Windows da ya zo manne da tsohuwar na'ura ba ya binta, sai a yi hayar sabuwar da nata lasisin. Manhajar lissafi tana iya ganin an sauya mata gida ta nemi a sake yi mata rajista, kuma a lokacin ne ake gano cewa ba wanda ya san inda lambar lasisi take, ko kuma dama kwafin kasuwa aka ɗora. Idan manhajar tana aiki da ɗan makullin da ake sokawa a jikin kwamfuta, a gajimare babu ramin da za a soka shi. Sikana da ke tura takardu kai tsaye zuwa folda ta haddace tsohon adireshi. Jadawalin Excel na akanta yana janyo alƙaluma daga wani fayil ta tsohuwar hanya. Firintar rasidi kuma, wadda ita ce ta fi ba da wahala, dole a ga ta fitar da takarda daga cikin Remote Desktop da idon kashiya. Kada mai gyara ya yi gwajin shi kaɗai. Akanta ya zauna ya yi aikin yini guda a kai, ya buga rahoton da ya fi kowanne nauyi. A kuma goge fayil ɗaya da gangan a dawo da shi daga kwafin ajiya, don gajimare ba ya ajiye wa kowa kwafi sai an kunna an biya.

Ranar juyawa ba ta faɗowa a ƙarshen wata, ko dab da 10 ga wata da ake miƙa harajin albashi, ko 21 ga wata da ake miƙa harajin kayan masarufi. Ga ofis mai aiki har Asabar, lokacin shi ne Asabar da yamma bayan an rufe. Kowa ya fita daga QuickBooks. Akanta ya gudanar da `Verify Data`, ya ɗauki kwafin ajiya a faifan waje, ya buga `Trial Balance` da jimillar bashin da ake bi da wanda ake bin kamfani, ya rubuta lambar rasidi na ƙarshe, ya sa hannu. Sai a rufe rubutu a foldodin tsohuwar saba, a bar kwafin ƙarshe ya wuce, a tayar da sabuwa. Don a tabbatar ba a bar komai a baya ba, ana kwatanta ɓangarorin biyu daga tsohuwar na'ura:

```
robocopy D:\Ofis \\10.20.0.4\Ofis /MIR /L /R:1 /W:1 /LOG:C:\kwatanta.log
```

Alamar `/L` tana sa umarnin ya lissafa bambanci kawai ba tare da ya taɓa komai ba. A kiyaye ta, domin idan babu ita `/MIR` yana goge duk abin da ya tarar a sabon wuri wanda babu shi a tsohon. Ranar Lahadi akanta ya shiga sabuwar saba ya sake buga rahotannin nan. Idan ko kwabo ɗaya ya bambanta, ba a juya ba, a koma tsohuwa a bincika.

Har zuwa wannan lokaci komawa baya ba ta cin komai. Da kashiya ta yanka rasidin farko ranar Litinin, lissafi ya sauya: littafin gaskiya yanzu yana gajimare, komawa kuma tana nufin a sauko da fayil ɗin ko a sake shigar da cinikin da hannu. Don haka a rubuta tun kafin ranar wanda ke da ikon cewa a koma, da ƙarfe nawa ƙofar ke rufewa. Haɗarin da ya fi kowanne a makon farko shi ne littafi ya rabu biyu. Mai sito ya danna tsohuwar alamar da ke kan allonsa, ta buɗe masa tsohon fayil, ya yi kwana uku yana shigar da buhunan siminti a inda ba wanda ke dubawa. Ana gane haka idan lambobin rasidi suka fara maimaituwa ko kayan sito suka ƙi daidaita, kuma danna `F2` a cikin QuickBooks yana nuna ainihin inda fayil ɗin da aka buɗe yake. Rigakafinsa shi ne a cire QuickBooks daga kwamfutocin mutum huɗun nan tun ranar Lahadi, a zare wayar tsohuwar saba daga bango. A bar ta a kashe, ba a goge ba, har sai an rufe lissafin wata guda cikakke a sabon wuri kuma akanta ya gamsu. Bayan nan a share faifanta shara ta gaske kafin a sayar da ita ko a ba wani, domin albashin kowa da sunan duk mai bashi suna nan a ciki.